Manhajar banki biyu a waya ɗaya: yadda ake gane ta gaske da ta bogi

Ranar da kawuna ya miƙo mini wayarsa a shagonsa na hatsi, abin da ya dame shi ƙarami ne a ganinsa. Ya ce tun jiya mutane suna tura masa kuɗin masara amma alat ba ya shigowa, sai ya buɗe manhajar banki kafin ya ga kuɗin. Na karɓi wayar, na zaro jerin manhajojin da ke cikinta, sai na ga tambarin bankinsa har guda biyu, kusa da kusa, launi ɗaya, suna ɗaya. Na ce, "Kawu, wannan ta biyun daga ina kuka samo ta?" Ya ce, "Ai sabuntawa ce, ɗana. A zauren 'yan kasuwarmu na WhatsApp aka turo, an ce tsohuwar za ta daina aiki ranar Juma'a."

Tun daga nan na san abin da ya faru, domin sabuntawa ba ta haifar da manhaja ta biyu. Idan sabuntawar gaske ce, tsohuwar take maye wa gurbi, tambari ɗaya ya rage a waya. Dalilin hakan shi ne tushen duk wannan magana.

Mu idan muka kalli manhaja, suna da tambari muke gani. Ita wayar Android ba ta duba su. Suna da tambari rubutu ne da hoto, kowa zai iya kwafar su cikin minti biyar. Abin da waya ke dubawa biyu ne. Na farko shi ne sunan ƙunshin manhajar, wani suna na ciki wanda manhaja biyu ba sa haɗa shi a waya ɗaya ko a cikin Play Store. Na WhatsApp shi ne `com.whatsapp`, na WhatsApp Business kuma `com.whatsapp.w4b`. Kana iya ganinsa a ƙarshen adireshin shafin manhajar:

```
play.google.com/store/apps/details?id=com.whatsapp
```

Na biyu shi ne sa hannun mai manhajar. Duk fayil ɗin da ake ɗora manhaja da shi a Android, wato wanda sunansa ke ƙarewa da `.apk`, sai an hatimce shi da wani mabuɗin sirri na mai shi. Idan aka kawo wa waya sabon fayil mai sunan ƙunshi iri ɗaya da wanda ke ciki, sai ta gwada hatimin biyun. In sun yi daidai, ta karɓa a matsayin sabuntawa. In sun saɓa, ta ƙi, ta rubuta "App not installed". Ɗan damfara ba shi da mabuɗin banki, saboda haka hanya biyu kawai ta rage masa. Ko ya canza sunan ƙunshin, tasa ta zauna gefen ta gaske, kamar yadda ta faru a wayar kawu. Ko ya ce maka ka fara goge tsohuwar kafin ka saka sabuwar. Duk saƙon da ya ce "ka goge tsohuwar tukuna", to ya riga ya gaya maka cewa hatiminsa ba na masu manhajar ba ne.

Akwai togiya ɗaya a nan. Wasu wayoyi suna zuwa da tsarin tagwaita manhaja, irin App Twin a Tecno ko Dual Messenger a Samsung, wanda shi ma yake fitar da tambari na biyu. Amma wannan kai ne kake kunna shi da hannunka daga cikin wayar, ba fayil ake turo maka ba, kuma yawanci akwai 'yar alama a jikin tambarin na biyu.

Na tambayi kawu ya ba ni labarin yadda ya saka ta, daki-daki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wayar ta yi ƙoƙarin hana shi har sau biyu, amma saƙon da aka turo ya riga ya koya masa amsar kowace tambaya. Da ya danna fayil ɗin, wayar ta ce ba a ba ta izinin ɗora manhaja daga wannan hanya ba, ta nuna masa "Settings". Ya shiga, ya kunna maɓallin "Allow from this source". Wannan ita ce ƙofar da ake kira "Install unknown apps". A da, ƙofa ɗaya ce ga wayar baki ɗaya, mai suna "Unknown sources", in ka buɗe ta ka buɗe wa kowa. Daga Android 8, wanda ya fito a 2017, aka mayar da ita izini na kowace manhaja daban: WhatsApp da nata, Chrome da nata, Xender da nata. Gyara ne mai kyau, sai dai da zarar ka kunna wa manhaja ɗaya, a kunne za ta zauna har sai ka koma ka kashe.

Gargaɗi na biyu daga Play Protect ya zo, wato mai gadin da Google ya saka cikin Play Store tun 2017, wanda ke duba manhajoji har da waɗanda ba daga kantin suka fito ba. Ya nuna cewa bai san mai wannan manhaja ba. A ƙasa akwai ɗan ƙaramin rubutu, "Install anyway". Saƙon zauren ya ce a danna shi, wai don manhajar sabuwa ce shi ya sa ba a santa ba. Kawu ya danna.

Har zuwa nan ɓarnar ba ta auku ba. Manhajar da aka ɗora amma ba a buɗe ba, ba a kuma ba ta izinin komai ba, kamar baƙo ne da ya shigo zaure amma ba a ba shi makullin ɗaki ba. Android tana killace kowace manhaja a nata wurin, ba ta iya leƙa saƙonninka ko lambobin mutanenka sai ka yarda. Shi ya sa duk aikin manhajar bogi a minti biyun farko shi ne roƙon izini, kuma a nan ne ya kamata mutum ya fi buɗe ido.

Ta kawu ta nemi ya mayar da ita manhajar saƙonni ta wayar, wato wadda duk saƙon tes zai riƙa faɗawa hannunta. Ta ce don ta "tabbatar da lambarsa". Ga amsar tambayar da ta sa ya miƙo mini wayar: alat yana zuwa, ita ce take karɓe shi ta ɓoye. Kuma ba alat take nema ba. Lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi, wadda ke zuwa da sunan OTP, ita take so. Bayan haka ta buɗe masa shafi mai kama da na banki, ta nemi lambar katin cirar kuɗi, da ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun bayansa, da lambar sirri. Ya rubuta. Ta ce ya jira awa 24 a kammala sabuntawa. Wannan jiran ba na komai ba ne illa a ba ɓarawo lokaci. Yana da bayanan kati, kuma duk lambar da banki ya turo don tabbatarwa za ta wuce wurinsa ba tare da mai wayar ya gani ba.

Akwai izinin da ya fi na saƙonni haɗari, shi ne "Accessibility". An yi shi ne don taimakon makafi da masu lalurar hannu: manhajar da ke da shi tana iya karanta duk abin da ke fuskar waya, tana kuma iya danna maɓalli a madadin mutum. Ka ga ke nan idan ya faɗa hannun mugu, zai ga abin da kake rubutawa a manhajar banki ta gaske, zai iya ba wa kansa sauran izinin, zai iya mayar da kai baya duk lokacin da ka nufi goge shi. Saboda yawan ɓarnar da aka yi da shi, daga Android 13 na 2022 waya tana toshe wannan izini ga manhajar da aka ɗora daga fayil, ta nuna "Restricted setting". 'Yan damfara kuma suka koma koya wa mutane yadda za su cire toshiyar da hannunsu. A ra'ayina, duk manhajar da ba ta taimakon nakasassu ba ce, ta ce ka kunna mata wannan, a goge ta nan take, ko daga ina ta fito. Haka wadda ta nemi "Device admin apps", wanda ke hana a goge ta, ko "Display over other apps", wanda ke ba ta damar shimfiɗa shafin ƙarya a kan na gaske, in dai aikinta bai kai ga haka ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: me ya haɗa tocila da lambobin mutanenka, me ya haɗa manhajar karanta takardu da saƙonninka?

Abin da muka yi a shagon, a jere yake, kuma jerin yana da muhimmanci. Na fara saka wayar a yanayin jirgi don a yanke ta daga intanet da layi, ta daina aika komai. Sannan da tawa wayar muka kira banki ta lambar da ke bayan katinsa, aka rufe katin. Ba a fara da goge manhajar ba, domin bayanan katin sun riga sun fita, gogewa ba ta dawo da su. An riga an cire kuɗi sau biyu cikin dare, sauran ya tsira. Bayan nan ne muka koma kan wayar. Na danne tambarin kowacce na shiga "App info". A yawancin wayoyi, can ƙasan shafin akwai layin da ke faɗin inda aka ɗoro manhajar. Ɗaya ta nuna Google Play Store, ɗayar ba ta nuna shi ba. Na mayar da manhajar saƙonni ta asali matsayinta, na goge ta bogin. Da ta ƙi goguwa, da sai in duba "Device admin apps" in cire mata izini, ko in tayar da wayar a "Safe mode", inda manhajojin da mutum ya ɗora da kansa ba sa aiki, in goge ta a can. A wayoyi da dama ana shiga yanayin ne ta danne "Power off" na ɗan lokaci. Daga baya kawu ya canza lambobin sirrinsa duka. Da ta samu izinin "Accessibility", da shawarata ita ce a kwashe hotuna da lambobi a wanke wayar gaba ɗaya, don ba ka san me ta ɗora a bayan idonka ba.

To sai a ce, ai shi ke nan, a tsaya a Play Store. Haka ne, nan ne ya fi aminci nesa ba kusa ba: ana bincika manhaja kafin ta shiga, ana iya cire ta idan aka gano sharrinta, kuma sabuntawa tana zuwa daga mai ita. Amma kantin kasuwa ne, kuma buɗe rumfa a cikinta dala 25 ne, biya ɗaya. A watan Nuwamba na 2017 an gano wata manhaja mai suna "Update WhatsApp Messenger" a cikin kantin, wadda aka sauke fiye da sau miliyan ɗaya kafin a cire ta. Sunan mai ita ya fito daidai da na kamfanin gaske, sai dai an maƙala masa wani harafi marar ganuwa a ƙarshe. A 2019 kuma masu bincike na kamfanin tsaron na'ura Kaspersky sun sami mugun ƙunshi a cikin CamScanner, manhajar da aka sauke fiye da sau miliyan 100, wanda ya shigo ta hanyar kayan talla da aka haɗa mata. Wata dabarar da ake yawan yi yanzu ita ce a shigar da manhaja mai tsabta, irin ta karanta takardu ko ta share datti a waya, ta wuce bincike lafiya, sai bayan ka ɗora ta ce maka tana buƙatar "sabuntawa", ta nemi ka kunna mata "Install unknown apps". Manhajar da ta fito daga kanti, daga kanti take sabuntawa. In ta nemi wata ƙofar, wani abu take son shigo da shi.

Saboda haka ko a cikin kantin sai an duba, kuma dubawar ba ta wuce minti biyu. Hanya mafi kyau ga manhajar kuɗi ita ce kada ka nemo ta da suna. Ka shiga shafin bankin na gaskiya, wanda adireshinsa ke jikin takardunsu ko katinsu, ka bi ta can ya kai ka shafinta a Play Store. In kuwa da suna ka nema, ka lura da na saman jerin, domin sau da yawa talla ne, da "Sponsored" ko "Ad" a jikinsa, kuma biyan kuɗi ne ya kai shi can. Ka duba sunan da ke ƙarƙashin sunan manhajar, shi ne mai ita. Na WhatsApp, misali, "WhatsApp LLC" ne. Danna shi ka ga sauran kayansa. Idan wanda ya ce shi banki ne yana da wasan mota da manhajar hotunan fure a rumfarsa, ka fita. Ka gwada yawan saukewa da girman mai sunan: bankin da ke da miliyoyin abokan hulɗa ba zai zo da manhajar da mutum dubu ɗaya suka sauke ba. A "About this app" akwai ranar da aka fara sakin ta, tsohon kamfani kuma ba ya zuwa da manhajar watan jiya sai da sanarwa.

Sharhin mutane kuwa, ni daga ƙasa nake karanta shi. Tauraro biyar ana sayen su, za ka gan su gajeru, kalmomi iri ɗaya, a ranaku kusa da juna. Masu tauraro ɗaya na kwanan nan su ne ke faɗin cewa tana cin kuɗin layi, ko tana cika waya da talla, ko ta kira 'yan uwansu. Sashen "Data safety" yana da amfani, amma a san cewa mai manhajar ne yake cike shi da kansa, ba shaida ce daga waje ba.

Maganar kiran 'yan uwa ta kawo mu ga manhajojin bashi, waɗanda suka addabi mutane a Najeriya. Ba tambarin wani suke sata ba, amma tarkon iri ɗaya ne: izini. Ka ba su lambobin mutanenka da hotunanka, ranar da ka makara da biya sai saƙon cin mutunci ya isa wurin surukanka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kafa tsarin rajistar masu ba da bashi ta waya a 2022, Google kuma daga ƙarshen watan Mayu na 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji neman lambobin mutane da hotuna. Wannan ya ba ka ma'auni mai kaifi. Manhajar bashin da har yanzu take neman lambobin mutanenka, ko wadda ake turo maka fayil ɗinta kai tsaye saboda "ba ta kanti", ta fita daga ƙa'ida tun kafin ka karɓi ko sisi.

Na san dalilin da ya sa muke karɓar manhaja hannu da hannu, kuma ba wauta ba ce. Data tana da tsada, sabis yana wahala a wurare da dama, sai aboki ya tura maka ta Xender, ko mai shagon turi ya cika maka sabuwar waya da kaya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Turawar ita kanta ba ta ɓata manhaja. In ta abokin ta gaske ce, hatiminta na nan yadda yake. Matsalar ita ce ba ka san inda shi ya samo tasa ba, shi ma watakila bai sani ba. Akwai gwajin da zai taimaka: bayan ka karɓa, ka buɗe shafin manhajar ta gaske a Play Store. Idan ya nuna "Open" ko "Update", sunan ƙunshin ya yi daidai, in kuma sabuntawar ta shiga lafiya, hatimin ma ya yi daidai. Idan ya nuna "Install" alhali kana ganin tambarinta a wayarka, abin da ke hannunka wani abu ne daban. Duk da haka, wasa ko manhajar kallo ne zan yarda a karɓa ta wannan hanya. Ta banki, ta aika kuɗi, da ta saƙonni, gara mutum ya kashe data ɗinsa.

Su kuma GBWhatsApp da 'yan uwanta ba sa buƙatar gwaji, domin ba su taɓa zama a kanti ba. Wani ne ya ɗauki manhajar asali, ya buɗe ta, ya ƙara abin da ya ga dama, ya hatimce da nasa mabuɗin. Kana ganin abin da ya ƙara na burgewa, kamar karanta saƙon da aka goge, amma ba ka ganin sauran. A 2021 Kaspersky ya sami mugun shirin nan Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, mai iya saka mutum cikin rajistar da ke cin kuɗin layinsa. WhatsApp da kansa yana faɗa cewa zai iya dakatar da lambar da ke amfani da irin waɗannan. Ga wanda layi biyu ne ya kai shi can, tun 2023 manhajar asali ta Android tana karɓar lamba biyu a waya ɗaya.

Masu iPhone ƙofarsu ta fi matsewa, don a nan ƙasashenmu App Store kaɗai ne hanyar yau da kullum. Nasu tarkon yakan zo ne ta shafin da zai ce su ɗora wani "Profile" a saitin wayar, kuma amsarsa ɗaya ce da ta fayil ɗin zaure.

Kafin in mayar wa kawu wayarsa, na shiga "Settings", na rubuta "Install unknown apps" a wurin bincike, tun da kowane kamfanin waya da inda yake ajiye shi. Manhaja huɗu muka tarar da izinin a kunne: WhatsApp, Chrome, Xender da mai sarrafa fayiloli. Ɗaya ce kawai ya tuna ya kunna, sauran tun ranar da aka cika masa wayar suke a buɗe. Muka kashe su duka. Na buɗe Play Store, na danna hotonsa a sama, na shiga "Play Protect", na tabbatar yana kunne, na danna "Scan". Sannan ya sa na rubuta wa 'yan zauren nasu bayani, shi kuma ya bi da saƙon murya, don yawancinsu sun fi sauraro: duk wanda ya ga tambarin banki biyu a wayarsa, ya kashe data, ya ari wayar maƙwabci ya kira banki, kafin ya taɓa komai.